Me Ya Sa Kwamfuta Ke Musanya Rana Da Wata A Rahotona?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An turo mini fayil na CSV mai kwanan wata irin su 03/04/2024 da 25/04/2024, duk na watan Afirilu. Da na buɗe shi a Excel sai wasu suka koma dama, wasu hagu, kuma rahoton da na haɗa ya nuna wasu ayyukan a Maris. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam. Matsalar tana cikin tsarin yankin da aka saita wa kwamfutarka. A Amurka ana fara rubuta wata sannan rana, a Birtaniya da ƙasashe masu yawa kuwa rana ce a gaba. Fayil na CSV rubutu ne zalla, ba ya ɗauke da bayanin tsarin da marubucinsa ya bi, don haka Excel yakan fassara shi da tsarin kwamfutar da aka buɗe shi a kanta. Alamu sun nuna taka tana kan tsarin Amurka.

Da Excel ya ga 03/04/2024, ya ɗauki 03 a matsayin wata, ya mai da ranar 3 ga Afirilu ta zama 4 ga Maris ba tare da wani gargaɗi ba. Da ya iso kan 25/04/2024 kuwa, tun da babu wata na 25, sai ya bar shi a matsayin rubutu kawai. Abin da ya raba su ke nan, domin lamba da kwanan wata suna jingina dama a cikin gurbi, rubutu kuma yana jingina hagu. Waɗanda suka koma hagu sun fi sauƙin sha'ani, domin ido yana kama su. Na dama su ne abin tsoro, saboda kamanninsu lafiya lau ne alhali sun sauya ma'ana, kuma ranaku 132 ne a kowace shekara ke iya faɗawa wannan rami, wato duk ranar da ba ta wuce 12 ga wata ba kuma lambarta ta bambanta da ta watan.

Idan kana son tabbatarwa, rubuta wannan a gurbin da ke gefe, ka ja shi zuwa ƙasa:

```
=ISNUMBER(A2)
```

Inda ya ba da TRUE, Excel ya karɓi abin a matsayin kwanan wata; inda ya ba da FALSE, rubutu ne.

Kada ka yi zaton sauya kamannin gurbin zai gyara ɓarnar, wanda shi ne kuskuren da na fi gani. Excel yana ajiye kwanan wata ne a matsayin lamba, yana ƙirgawa daga 1 ga Janairu 1900. Ranar 3 ga Afirilu 2024 ita ce 45385, amma abin da ke cikin gurbinka yanzu 45355 ne, tazarar kwana talatin cif, kuma kowace riga ka sa wa wannan lambar tana nan a 4 ga Maris. Abin yi shi ne ka rufe fayil ɗin ba tare da ka adana shi a kan na asali ba, ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta `intl.cpl`, ka zaɓi English (United Kingdom) a ƙarƙashin Format, sannan ka rufe Excel ka sake buɗe fayil na asali. In ka riga ka adana a kansa, ya fi maka kwanciyar hankali ka nemi a sake turo maka sabo.

Bayan nan sai ka tsayar da tsari guda ga takardar baki ɗaya. A cikin jimlolin rahoto, ina ganin babu abin da ya fi rubuta sunan watan, kamar 3 ga Afirilu 2024, domin mai karatu ba ya buƙatar sanin ƙasar marubuci. A jadawali da sunayen fayil kuwa, ka yi amfani da ma'aunin ISO 8601, wanda aka fara fitarwa a 1988, inda shekara ke gaba, sai wata, sai rana: 2024-04-03. Wannan tsari yana jeruwa daidai ko da an jera shi kamar rubutu. Ka zaɓi ginshiƙin, ka danna Ctrl da 1, ka shiga Custom, ka rubuta `yyyy-mm-dd`. Ka kuma daina taƙaita shekara zuwa lamba biyu, domin 03/04/05 ana iya karanta shi ta hanyoyi uku.

Wannan saitin yankin shi ne kuma ke tafiyar da waƙafi da ɗigo a cikin lambobi. A tsarin Birtaniya da Amurka 1,500 dubu ɗaya da ɗari biyar ne, a tsarin Jamus kuwa ɗaya da rabi ne, domin a can waƙafi ne ke raba cikakkiyar lamba da guntunta. Don haka ka duba ginshiƙin adadi na fayil ɗin da wannan gwaji na `ISNUMBER` kafin ka yarda da jimillar da `SUM` ya ba ka, domin yana tsallake duk gurbin da ke ɗauke da rubutu ba tare da ya sanar da kai ba.