Kafin ka rubuta wa masana'antar yadi a Sin

"Salam Yaya. Na samu lambar wata masana'antar yadin hijabi a China. Ina son yadi 3,000, kala goma. Don Allah ka taya ni rubuta musu su turo farashinsu na ƙarshe, da mafi ƙarancin abin da suke sayarwa, da yadda ake biya. In da hali su haɗo min da takardar gayyata, ina so in zo da kaina."

Wa alaikumus salam ƙanena. Kai ne na huɗu da ya turo min irin wannan saƙon a watan nan, don haka ka yi haƙuri in maganata ta fito a tsaye.

Cire maganar gayyata tukuna. Mai masana'anta da ya ga baƙo bai sayi ko ƙyalle ba yana neman takardar biza a saƙon farko, a ransa ya gama yanke hukuncin cewa hanyar shigowa kake nema, ba kaya ba. Daga nan ko dai ya yi shiru, ko ya miƙa ka ga yaron ofis. Gayyata tana zuwa da sauƙi bayan kuɗinka ya taɓa shiga asusunsu.

Sai "farashin ƙarshe". Farashin me? Yadin hijabi ba abu ɗaya ba ne. In ba ka faɗi irin zaren ba, da faɗin yadin, da nauyinsa, za su ba ka kuɗin mafi arha da suke da shi, ka yi murna, kuma ba ƙarya suka yi maka ba tunda ba ka ce ga wanda kake so ba.

Ni da kuɗina na koyi wannan. Shekarata ta biyu a Guangzhou na je Keqiao da ke Shaoxing, inda babbar kasuwar yadi take, na ga samfuri mai kyau, na taɓa, na ja, na yarda. Na matsa wa mutumin ya rage kuɗi har ya rage. A takardar da muka sa hannu an rubuta kala da tsawo da farashi, ba a rubuta nauyi ba, ni kuma ban lura ba. Da kaya suka isa Kano, wanda na sayar wa a Kwari ya kira ni ya ce yadin nan ana ganin hannu ta cikinsa. Abin da na rage a ciniki, a jikin yadin aka cire shi. Na yi wata takwas ina biyan mutane, kuma abin da ya fi ci min rai shi ne a gida aka riƙa cewa ni na ci kuɗin. Har yau in na tuna sai na ji ɗaci.

Nauyin nan shi ake rubutawa GSM, wato giram nawa ne a murabba'in mita ɗaya. Ga yadda za ka kama su da shi. Yadi mai GSM 120 da faɗin mita ɗaya da rabi, kowace mita giram 180 take. Bandir mai mita 50 kenan ya kamata ya kai kilo 9, ban da kwalin da aka naɗe shi a kai. In aka sauke shi zuwa GSM 100, bandirin zai dawo kilo 7 da rabi. Ido zai iya ruɗuwa, sikeli ba ya ruɗuwa. Don haka a wasiƙarka ka rubuta zaren, ka rubuta faɗi, ka rubuta GSM, ka kuma ce a saka nauyin kowane bandir a takardar jerin kaya. In ba ka san nauyin wanda kake so ba, yanko rabin yadi daga wanda ke tafiya a kasuwa ka aiko, za a auna a nan.

Ka kula da awo kuma. Kai da yadi kake lissafi, su galibi da mita, wani kayan ma da kilo. Yadi 3,000 bai wuce mita 2,743 ba. Ka faɗa musu ƙarara da wanne kake son farashin.

Yanzu mafi ƙarancin oda, abin da za ka ga sun rubuta MOQ. A yadi, kan kowace kala ake ƙidaya shi, ba kan jimilla ba, domin kowace kala tukunyar rini guda ce, kuma ba za su kunna inji don ɗan abu kaɗan ba. Waɗanda nake hulɗa da su sukan nemi wajen mita 1,000 a kala ɗaya. Kai kuma kala goma kake so, yadi ɗari uku uku. Ba za su rina maka wannan a farashin sari ba. Ko ka rage kalolin zuwa uku, ko ka biya ƙarin kuɗin ƙaramin rini, ko ka ɗauka daga wanda suka riga suka rina yake ajiye. A matsayinka na mai farawa na ƙarshen nan ya fi maka, sai dai ka sani in ka dawo neman wannan kalar ba lallai ta zo iri ɗaya sak ba. To ka yi tambayar kashi biyu: nawa ne MOQ in za a rina sabo, nawa ne in daga ajiya. Kuma kar ka yi ƙaryar kwantena biyar kake so don a rage maka. Kowa ya yi musu wannan, sun gane ta tun kafin ka iya tafiya.

Farashin da babu haruffa uku a bayansa ba farashi ba ne. In ka ga EXW, a ƙofar masana'anta aikinsu ya ƙare, mota zuwa tashar ruwa da takardun fitarwa duk a wuyanka. Ka nemi FOB Ningbo, su ɗora kayan a jirgi, kai ka ji da kuɗin jirgi zuwa Legas. Ka kuma tambayi kwana nawa farashin zai tsaya, da kwana nawa aikin zai ɗauka bayan kafin alƙalami ya shiga.

Biya kuwa, abin da aka saba shi ne T/T, turawa ta banki: kashi 30 a fara aiki, kashi 70 in an gama. A ce mita 3,000 ce a kan dala 1.20, jimilla dala 3,600. Za ka fara tura 1,080, saura 2,520. Wannan sauran shi ne kaɗai ƙarfinka a cinikin. Ka rubuta tun a wasiƙar farko cewa ba za ka cika ba sai wani naka ya je ya buɗe bandira ya auna. Masana'antar kirki ba ta jin haushin wannan sharaɗi. Wanda ya dage sai ka biya duka kafin a fara, ka bar shi ko da farashinsa ya fi na kowa daɗi.

Ka nemi hoton lasisin kasuwancinsu, mai ɗauke da lambar rajista mai haruffa da lambobi 18, sannan sunan da ke takardar farashi, wadda za ka kai banki don buɗe Form M, wato takardar shigo da kaya Najeriya, ya zama shi ne sunan asusun da za ka tura wa kuɗi. Asusun mutum ɗaya, a'a. In kuma ana tsakiyar ciniki saƙo ya zo cewa sun canja asusu, kada ka tura ko sisi sai ka kira wanda ka saba magana da shi ka ji muryarsa. Na ga dattijo ya zauna a ƙasa yana kuka a kan wannan.

Kada kuma ka ba da kafin alƙalami dab da sabuwar shekararsu, tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu. Ma'aikata suna watsewa garuruwansu na makonni, kuɗinka ya kwanta.

Aiko min ƙyallen da kalolin da suka fi fita a shagonka, guda uku kawai. In na auna, sai mu rubuta wasiƙar tare, mu tura wa masana'antu uku a rana ɗaya. Ka gaida Hajiya.