Amsa ga ƙanena na Kano kan *y* da *en*

Ƙanena, ka ce tun da ka fara koyon Faransanci waɗannan ƙananan kalmomi biyu ke ɗaure maka kai, kana tambaya ya muke yi da su a nan Yawunde. A unguwarmu Briqueterie, Hausa muke yi a gida da masallaci, amma ciniki da makaranta sai Faransanci, kuma *en* ce ta fi ba mu wahala.

Dalilin daga harshenmu yake. Bahaushe ya tsaya gaban mai tsire, sai ya ce "ba ni biyar", magana ta cika. Shi ya sa da yawanmu ke cewa *je veux cinq*. Mai tsire zai gane, amma malamin makaranta zai ja wa ɗanka jan biro, domin Faransanci ba ya barin adadi ya tsaya shi kaɗai. Dole a ce *j'en veux cinq*. *En* ɗin tana tsaye ne a madadin tsiren, da sunan abin da ya zo bayan *de*, *du* ko *des*. In aka tambaye ka *tu as du riz ?*, amsa ita ce *j'en ai*, ko *je n'en ai pas*.

*Y* ta fi sauƙi, wuri take nunawa, kamar "can". *Tu vas à Mokolo ?* *J'y vais.* Takan kuma maye gurbin abu bayan *à*, amma ban da mutum: tunanin jarrabawa *j'y pense* ne, tunanin mahaifiya kuwa *je pense à elle*.

Mazauninsu shi ne abin da nake so ka riƙe da kyau, don a nan bakinmu ke zamewa. Mu mukan ce "na saye shi", wakilin suna bayan aikatau. Su kuwa kafin aikatau suke sa shi: *j'en ai acheté*. Idan aikatau biyu ne kuma na biyun yana a sigarsa ta asali, kamar *acheter*, sai ta zauna daf kafin na biyun, wanda ke ɗauke da aikin: *je vais en acheter*. Wanda ya ce *j'en vais acheter* ya kauce. Umarni ne kaɗai ke mayar da su baya, shi ma in ba hani ba ne: *vas-y*, *achètes-en*, da ƙarin *s* da ake furtawa kamar *z*. Da hani ya shigo, sun koma inda suke: *n'y va pas*.

In sun haɗu, *y* ce ke fara zuwa. Ka haddace su yadda 'yan tireda a nan suka haddace: akwai, *il y en a*; babu, *il n'y en a pas*; ya ƙare, *il n'y en a plus*.