Wasiƙar da iyaye za su iya aiki da ita

"Assalamu alaikum malamai. Aji biyu na firamare nake koyarwa, an ce in rubuta wa iyaye wasiƙa kan yadda za su taimaka wa yara da karatu a gida duk mako. Na taɓa aika irinta, ba wanda ya yi aiki da ita. Me zan sa a ciki?"

Wa alaikumus salam, Malama. Wallahi da na ga tambayarki sai da wani tsohon ciwo ya taso mini, saboda haka ki yi haƙuri idan na yi tsawo.

Kafin komai, kada kalmar "ku tabbatar" ta shiga wasiƙarki. Na taɓa rubuta tawa a rabin shafi, amma shugabanmu na wancan lokaci ya ce ba ta yi kama da takardar makaranta ba, ya mayar da ita shafi biyu, ya ƙara da cewa iyaye su tabbatar yaro ya karanta shafi biyar kullum, su sa hannu. Na roƙe shi ya cire, ya ce ni ba ni zan koya masa aiki ba. Akwai wata yarinya a ajina wadda ta fara haɗa gaɓoɓi da kyau, har takan ɗaga hannu tun ban gama tambaya ba. Ba a jima ba sai na ga idan na miƙa mata littafi hannunta na rawa, tana kallon fuskata maimakon shafin, tana cankar kalma daga harafin farko don ta yi saurin gamawa. Ashe mahaifinta ya ɗauki shafi biyar ɗin nan a matsayin doka, duk kalmar da ta kuskure sai tsawa, wani lokaci har da duka. Da na kai wa shugaban maganar, cewa ya yi wannan matsalar gidansu ce. Har zangon ya ƙare yarinyar ba ta ƙara yarda ta yi karatu a gaban aji ba, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Saboda haka ki ƙayyade musu lokaci, ba yawan shafi ba. Ga yadda nake rubuta tsakiyar tawa yanzu:

"Muna roƙon minti 15 kawai, kwana huɗu a mako, da ɗan littafin da yaro zai zo da shi ranar Litinin. Ran Litinin ku duba hotuna tare, a karanta masa yana bi da yatsa. Ran Talata shi zai karanta muku. Ran Alhamis ya sake karanta wannan littafin dai. Ran Asabar a rufe littafin, ya ba ku labarin da bakinsa."

Lallai ki bayyana dalilin maimaicin, domin iyaye da yawa suna zaton haddacewa ce kawai. A karon farko ƙarfin yaro duk yana ƙarewa wajen haɗa haruffa, sai ya maimaita sannan kalmomin ke zo masa da sauƙi har hankalinsa ya samu sararin bin ma'ana. Idan ana shakkar hadda ce, a nuna masa kalma ɗaya a tsakiyar layi a ce ya faɗe ta.

Sannan ki gaya musu abin da za su yi idan ya cije, domin a nan ne rigima take farawa. Su yi shiru su ƙirga biyar a zuci. Idan kalmar "makaranta" ce, a rufe ƙarshenta da yatsa ya karanta ma, sai ka, sai ran, sai ta, sannan ya haɗa. Idan bai samu ba, a faɗa masa a wuce. Idan kuwa yana tuntuɓe a fiye da kalma ɗaya cikin goma, littafin ya fi ƙarfinsa, su dawo da shi ki canja masa, kuma ki rubuta a fili cewa wannan ba laifin yaron ba ne.

Kada ki manta da iyayen da ba su iya karatu ba, waɗanda kunya ba za ta bar su su faɗa miki ba. Ki sa layi ɗaya cewa wa ko ya ko wani babba a gida zai iya yin na Litinin, su kuma saurare da tambayar "sai me ya faru?" nasu ne. Ki karanta wa yaran wasiƙar a aji kafin ki raba, don su ma su iya yin bayaninta a gida. A ƙasanta ki zana akwati huɗu da yaro zai yi wa alama da kansa, kuma idan takardar ta dawo da akwati biyu kacal, ki karɓa ba tare da faɗa ba, ki tambaye shi wace rana ce ta gagara. Allah ya taimaka, Malama.