Fenti ya dace a shago, an kai gida ya canza kala

Oga barka da dare. Kwastoma ya kawo min ɓallin fentin bangon falonsa, ruwan toka, ya ce in haɗa masa irinsa zai yi faci. Baƙin garin kala ya ƙare mana sai na haɗa da fari, shuɗi, ja da ɗan rawaya, a shago wallahi ba ka iya bambance su. Yanzu ya kira wai da ya kunna wuta da daddare facin ya koma kamar ruwan hoda. Ni me na yi ba daidai ba?

Yauwa, barka kadai. Idonka lafiya lau yake, kuma kwastoman ba sharri yake maka ba, ku biyun duk abin da kuka gani gaskiya ne. Wannan shi ake kira metamerizim, wato fenti biyu su zo ɗaya a ƙarƙashin wani haske, da an canza hasken sai su rabu. Kuma tun daga inda ka ce baƙi ya ƙare na san inda matsalar take.

Ka fara riƙe wannan: abin da ido ke gani haɗuwar abu uku ne, hasken da ya sauka kan bango, abin da fentin ya maido daga hasken, sai idon da ya karɓa. Farin hasken da muke gani tarin launuka ne, daga shuɗi mai duhu wajen 400 har zuwa ja mai zurfi wajen 700 a nanomita, wato ma'aunin tsawon zangon haske, kowane garin kala kuma akwai yankin da yake shanyewa da yankin da yake maidowa. To shi ido ba ya bin yankunan nan ɗaya bayan ɗaya, ƙwayoyin gane launi iri uku kawai gare shi, jimla yake yi ya ba ka amsa. Shi yasa haɗi biyu da ba su da alaƙa da juna za su iya ba shi jimla ɗaya.

Yanzu duba tokar kwastoman. Kusan tabbas fari ne da baƙin kabon, wataƙila da ɗigon rawaya na oksaid. Irin wannan haɗin kusan daidai yake maido kowane yanki, babu tudu babu kwari, duk hasken da ka ba shi sai ya maido maka shi a rage. Naka kuwa launuka uku ne masu ƙarfi da ka sa suna kashe juna har suka zo toka, amma a ciki wani yanki ya yi tudu wani ya yi rami. Ja yana maido ja mai zurfi sosai, rawaya ma haka, kuma abin da yara da yawa ba su sani ba shi ne wasu shuɗin, kamar altiramarin, su ma suna sakin ja can ƙarshe. Kenan babu wanda ya tsare wannan ƙofar a haɗin naka.

Bari in yi maka lissafi, lambobin na misali ne kawai don ka gani. Ka raba ja gida biyu, na kusa da lemo da kuma mai zurfi. Tsohon fentin yana maido 50 cikin ɗari a kowanne. Naka yana maido 40 a na kusa, 80 a mai zurfi. Dogon kwan fulorasen na shago jansa mai zurfi kaɗan ne, a ce kashi 3 na kusa, kashi 1 mai zurfi. Tsoho: 150 da 50, ka raba huɗu, 50. Naka: 120 da 80, ka raba huɗu, 50 cif. Ka ga sun dace. A gida kuma mu ɗauka kwan mai hasken ɗorawa ne irin wanda ake rubuta 2700K a kwalinsa, ja ya fi yawa, a ce 2 da 2. Tsoho yana nan a 50, naka 80 da 160 a raba huɗu ya tashi 60. Wannan goman da ta ƙaru ita ce ruwan hodar da mutumin yake gani, tun a shago tana cikin gwangwanin, wutarmu ce ba ta da abin da za ta tono ta da shi.

Kuma toka, ruwan ƙasa, ruwan madara da ire-irensu su suka fi tona asiri, saboda ba su da kala mai ƙarfi da za ta rufe ɗan karkacewar. Jan fenti zur in ya ɗan goce ba kowa zai lura ba, toka kuwa ko yaro zai nuna maka.

Kafin ka ɗora wa metamerizim laifi dai sai ka gwada, don ba kowane bambanci ne shi ba. Ka shafa naka hannu biyu a farin kati, ka bari ya bushe sarai, fentin ruwa yana ƙara duhu in ya bushe. Ka manna shi da ɓallin kwastoma baki da baki, kar ka bar tazara ko ta ɗan yatsa. Sai ka duba a wuri uku: waje a inuwa da rana, ƙarƙashin wutar shago, sannan ƙarƙashin kwan mai ɗorawa a ɗaki da aka rufe taga. In naka ya fi duhu ko ya fi ja a duk wuraren uku, to awo ne ya kuskure, ƙari ko ragi zai gyara. In kuma a nan sun dace, a can ya yi ja, a waje ma wataƙila ya ɗan karkata kore, to shi ne. In kuwa sai ka karkata katin bambancin ke fitowa, ka duba sheƙi, mai ƙyalli da marar ƙyalli ba sa zama ɗaya ko da kala ɗaya ce. Manyan kamfanoni akwatin haske suke da shi don wannan aikin, da maɓallan D65 na hasken rana, A na kwan tangistin mai 2856K, da TL84 na fulorasen irin na kantuna. Mu kwan wuta uku da kwali da aka shafa wa toka marar sheƙi a ciki sun ishe mu.

Maganar gyara, kar ka je gidan da kwalbar kore ka ce za ka ɗiga ka kashe jan. Eh zai mutu da daddare, amma gari na wayewa facin zai fito kore, ka mayar da matsalar daga dare zuwa rana kenan. Wannan haɗin a ajiye shi a yi wani aikin da shi. A samo baƙi, ka sake daga farko: fari, baƙi kaɗan-kaɗan don yana da ƙarfi, sai rawayar oksaid ko jan oksaid ɗigo-ɗigo in ya nema, kana rubuta duk abin da ka zuba. Iya ƙarancin garin kalar da ka sa, iya zaman lafiyar fentin. In mutumin yana da tsohon gwangwani ko lambar kalar ma ya fi, a yi da kayan kamfani ɗaya, don ko injin haɗa kala in ya auna ɓalli da garin kalar da ke cikinsa zai kwaikwaya, yana iya ba ka tagwaye a D65 su rabu a falo.

Ni a ganina ma faci a tsakiyar bango ba abin yi ba ne in fentin ya kwana biyu, ya riga ya sha ƙura da rana. Ka lallashe shi a shafe bangon nan ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa, ido ya saba ganin bango biyu da suka haɗu a kwana da ɗan bambanci, ba zai kama ba. Gobe ka kira shi ka tambayi abin da aka rubuta a jikin kwan falon, LED ne ko wani iri da lambar K ɗinsa, ka nemo irinsa kafin ka buɗe gwangwani.