Kalma ɗaya ta mayar da alkawarinka “wataƙila”

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da kayan roba a Kano, kuma ina da abokin ciniki a Maraɗi. Ya nemi katan 200, yana zaton katan ɗaya sefa 8,500 ne. Na tsara amsa da Turanci, na mayar da ita Faransanci da ɗan abin da na sani, na tura masa: *Actuellement, le prix est de 9 000 FCFA le carton. Nous allons éventuellement vous livrer les 200 cartons. Désolé pour le délai.* Tun daga ranar shiru, daga baya na ji ya saya a wani wuri. Ina na kuskure? Kuma ƙamus zan saya ko mai fassara zan ɗauka? — Wani ɗan kasuwa daga Kano

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya mayar da alheri. Na ji zafin wannan asara, domin ba farashinka ne ya kori mutumin ba, kuma ba ka yi masa ƙarya ba. Jimla ta biyu ce ta kashe cinikin.

Kai a ranka kalmar Turanci *eventually* kake nufi, wato komai daɗewa kayan za su iso. Amma *éventuellement* a Faransanci ba ta ɗauke da wannan ma'ana ko kaɗan. Abin da take nufi shi ne “wataƙila”, ko “idan ta kama”. To ka sa kanka a matsayinsa: mutum yana jiran kayan sefa miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas, masu shaguna na damunsa da tambaya, sai ya buɗe saƙo ya ga mai kaya yana cewa mai yiwuwa ya kawo. Duk ɗan kasuwar da ya san ciwon kansa zai nemi wata ƙofa. Bai ma ga dalilin yi maka magana ba, tunda a fahimtarsa kai ne ka fara ja da baya.

Akwai wani tarko a nan da nake so ka kiyaye. Idan ka duba ƙamus na Turanci da Faransanci, zai ba ka *finalement* a madadin *eventually*. Fassarar daidai ce, amma a saƙon ciniki ba ta wadatar ba, domin masu Faransanci sukan yi amfani da *finalement* idan an canza shawara, kamar ka ce “daga baya dai mun ga za mu kawo”. Sai mai karatu ya fara tunanin ashe da can an yi niyyar fasawa. Maganin shi ne ka bar neman kalmar da za ta maye gurbinta, ka sa rana. *Au plus tard le 15 mars* na nufin kafin 15 ga Maris ta wuce. Wanda aka ba rana ba ya buƙatar wani rarrashi.

Ka riƙe wannan ma idan kai ne mai karantawa. Ranar da wani ya rubuto maka *Nous pourrions éventuellement prendre 100 cartons de plus*, kada ka ruga kamfani ka biya kuɗin katan ɗari. Cewa ya yi mai yiwuwa ya ƙara. Ka jira sai ka ga *nous confirmons la commande* ko kuɗin kafin alƙalami ya shigo.

Jimlarka ta farko ba ta kai waccan ɓarna ba, amma ita ma ta juya maka zance. Gyara kake son yi masa, ka ce a gaskiya farashin 9,000 ne, ba 8,500 ba, shi ya sa *actually* ta zo maka a rai. Ita kuwa *actuellement* “a halin yanzu” take nufi. Sai ya fahimci cewa farashin yau ne ka faɗa, gobe yana iya hawa ko sauka. Haɗa wannan da kayan da ba tabbas za su zo, ka ga hoton da ya samu. Idan gyara kake yi, *en fait* ko *en réalité* za ka rubuta. *Actuellement* tana da wurinta, misali *nous sommes actuellement en rupture de stock*, wato kayan sun ƙare mana a yanzu.

Ta uku ƙarama ce. *Délai* wa'adi ne, lokacin da aka ɗiba don a yi abu; *délai de livraison* shi ne kwanakin da kaya za su ɗauka kafin su iso. Makara kuwa *retard* ce. Zai iya gane abin da kake nufi, sai dai zai san da Turanci aka fara tunanin saƙon.

Ga yadda ya kamata ya kasance:

*En fait, le prix est de 9 000 FCFA le carton. Nous vous livrerons les 200 cartons au plus tard le 15 mars. Veuillez nous excuser pour ce retard.*

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, da daga Hausa ka tashi kai tsaye, da ba ka faɗa ramin ba. Babu Bahaushen da zai rikita “a gaskiya” da “a halin yanzu”, ko “wataƙila” da “daga ƙarshe”. Turancin da ka bi ta cikinsa ne ya kawo ruɗanin, saboda harsunan biyu suna da tarin kalmomi masu kama a rubuce, ma'anarsu kuwa ta rabu tuntuni. Don haka kafin ka tura saƙo, duk kalmar da ta zo maka da sauƙi don ta yi kama da ta Turanci, ka tsaya a kanta. Cire *éventuellement* ka sa *peut-être*, cire *actuellement* ka sa *en ce moment*, ka sake karantawa. Idan jimlar ta daina faɗin abin da ke ranka, to tun farko kalmar ba tata ba ce a wurin.

Batun saye kuma, ƙamus na Faransanci zalla nake ba ka shawara, irin Larousse ko Le Robert, wanda ke bayyana kalma da Faransanci tare da misalin jimla. Mai harshe biyu sau da yawa yana ba ka kalma ne kawai, ba lallai ya nuna maka inda take zama ba. Larousse ma yana da ƙamus kyauta a intanet, sai ka fara da shi kafin ka kashe kuɗi.

Mai fassara na dindindin ya yi wa cinikinka nauyi. Ka biya wani sau ɗaya ya tsara maka saƙonni huɗu ko biyar da kullum kake buƙata: faɗin farashi, tabbatar da oda, sanar da ranar lodi, ba da haƙuri kan makara, da tunin biyan kuɗi. Daga nan kai ne za ka riƙa canza adadi da rana. Amma duk takardar da za a sa wa hannu, kada ka yi rowar kuɗin fassararta. Ka nemi wanda ya yi karatunsa da Faransanci kuma yana jin Hausa, irinsu ba sa wuya a Kano, ka yi masa bayani da Hausa. Kafin ku shirya, miƙa masa wannan saƙon naka ba tare da ka ce komai ba. Idan ya karanta bai tsaya a kan *éventuellement* ba, nemi wani.

Shi kuma mutumin Maraɗi, ka kira shi a waya ku yi magana da Hausa, ka faɗa masa abin da ka so cewa, sannan ka bi da gyararren saƙon a rubuce.