Na ci Associate, in wuce kai tsaye in rubuta Professional da damps?

Tambaya: Salamu alaikum Injiniya. Ni ɗan Garwa ne, ina aikin kula da ordinatoci da rezo a wani ƙaramin kamfani. Wata huɗu da suka wuce na ci AWS Solutions Architect Associate, amma gaskiya ban taɓa riƙe wani aiki na gaske a kan kilawud ba sai lab. Yanzu wani a gurup ɗinmu yana sayar da damps, wato tambayoyin da aka sato, na SAP-C02, jarabawar Solutions Architect Professional, ya ce tambayoyin su ne za su fito sak, sati uku na hadda ya isa. Kuɗin jarabawar na tara su da ƙyar, tsoro nake kar su tafi a banza. In saya in shiga ko in dakata?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka dakata, kuma kar ka ba mutumin nan ko dala. Bari in yi maka bayani a tsanake, don wannan maganar kusan kullum sai an kawo mini ita, daga Marwa, daga Ngaundare, har 'yan uwanmu na Injamena.

A takarda babu abin da ya hana ka shiga. Tun 2018 AWS suka cire sharaɗin cewa sai kana da Associate kafin Professional, ko wanda bai taɓa buɗe konsol ba in ya biya dalar Amurka 300 za a ba shi kujera. Amma su da kansu sun rubuta cewa jarabawar ta wanda ya yi shekara 2 ko fiye yana tsara aiki a kan AWS ce. Microsoft su sun ɗaure ƙofar, ba za ka samu Azure Solutions Architect Expert da AZ-305 kaɗai ba sai kana da AZ-104. Google kuma babu sharaɗi a Professional Cloud Architect, sai shawarar shekara 3 a sana'ar, ɗaya daga ciki a kan nasu kilawud ɗin. To masu damps da wannan buɗaɗɗiyar ƙofar suke cin kasuwa, su ce maka ai ba a buƙatar komai, kai dai kawo kuɗi.

SAP-C02 tambaya 75 ce a minti 180, wato minti 2 da sakan 24 kowace ɗaya, makin ci 750 cikin 1000. Kuma ba irin tambayar Associate ba ce mai layi uku. Labari ne za a ba ka na wani kamfani, da abin da suke da shi da abin da suke tsoro da iyakar kuɗinsu, sannan amsoshin ma kowace ɗaya sakin layi ce guda, kuma sau da yawa biyu ko uku daga cikinsu duk za su yi aiki in an gina su. Abin da ake nema shi ne wadda ta cika duk sharuɗɗan labarin ba tare da ɓarnar kuɗi ko ƙarin wahala ba.

Ga misali, ni na tsara shi amma haka siffarsu take. Kamfani yana da manhaja a kan EC2, bayanansa a Aurora MySQL, komai a eu-west-3 wato Faris. Suna so ko yankin gaba ɗaya ya faɗi aiki ya dawo. RPO minti 1, wato iyakar bayanan da aka yarda a rasa, RTO awa 1, wato iyakar lokacin da aka yarda aiki ya tsaya, kuma an rubuta MOST cost-effective da manyan baƙi. Amsa ta farko ta ce a riƙa ɗaukar hoton bayanan kowace awa da AWS Backup ana kwafewa zuwa eu-west-1 wato Ayilan. Ta biyu ta ce a baza komai a Availability Zone uku cikin Faris ɗin. Ta uku ta ce a kafa Aurora Global Database da reshe a eu-west-1, a kwafi AMI can, a ajiye Auto Scaling group a sifili, Route 53 ya juya mutane in abu ya faru. Ta huɗu ta ce a gina cikakken kwafi a yanki na biyu, duka biyun suna karɓar mutane dare da rana.

Wanda ya san aiki yana ganin RPO minti 1 ya jefar da ta farko, don in bala'i ya zo minti 55 bayan hoton ƙarshe to an yi asarar bayanan minti 55 kenan, alhali minti ɗaya aka yarda a rasa. Ta biyu kyakkyawa ce amma ba ita aka tambaya ba, zon uku duk a yanki ɗaya suke, in Faris ta tafi sun tafi tare. Saura biyu, kuma duka suna cika RPO da RTO. Ta huɗu ma ta fi saurin dawowa, shi ya sa yara da yawa suke zaɓarta don ta fi kama da aikin manya, amma kana biyan sabobi ninki biyu kowane wata don samun saurin da babu wanda ya nema, an ba ka awa guda cur. Ta uku ce, saboda Aurora Global Database yawanci jinkirin kwafinsa bai kai sakan ɗaya ba, sabobin kuma awa guda ta ishe su su tashi daga sifili.

Yanzu ka duba abin da nake so ka gani. In aka canza RPO ya koma awa 4, RTO awa 24, labarin nan dai, sunan kamfanin nan dai, amsoshin nan huɗu dai, to ta farko ce daidai, ta uku ta zama almubazzaranci. In aka ce RTO ɗin daƙiƙoƙi ne, sai ta huɗu. Mai hadda ya riƙe cewa labarin Faris amsarsa C ce, ya shiga ya ga Faris ya danna C da murna ko lambobin bai karanta ba. Wannan ita ce matsalar farko ta damps kuma wallahi ba ƙarama ba ce.

Ta biyu ta fi muni. Waɗanda suke sato tambayoyin ba a ba su amsa, jarabawar ba ta nuna wa kowa amsar da ke daidai. To wa ya rubuta amsoshin da ke cikin fayil ɗin? Wani ne ya zauna ya yi hasashe, wani ya kwafa ya sa tambarinsa ya sayar, na uku ya turo maka a WhatsApp. Na sha zama da yara muna duba irin fayilolin nan, ka ga an zaɓi amsar da ke cewa SCP zai ba wa ma'aikaci izini, alhali SCP ba ya ba kowa izini, iyaka kawai yake sawa, izinin daga IAM yake zuwa. Ka ga an haɗa VPC uku da peering ana zaton na farko zai isa na uku ta cikin na tsakiya, abin da peering ba ya yi sam, aikin Transit Gateway ne. Yaro ya haddace wannan ya ɗauka ilimi ne, kuma cire kuskuren daga kansa ya fi wuya a kan koya masa daga farko. Abin yana ƙona mini rai sosai, don mai sayarwar ya san bai san komai ba, ya kuma san yaron da ke turo masa kuɗin da ƙyar ya tara su.

Sannan akwai yarjejeniyar da kake sa wa hannu kafin ka fara. Amfani da tambayoyin sata saɓa mata ne, AWS suna bincikar yadda mutane suka amsa, kuma suna da ikon soke sakamako ko su hana mutum sake rubutawa. Masu cewa kawo kuɗi wani ya shiga ordinatarka daga nesa ya rubuta maka, waɗannan kar ma ka amsa musu sallama. Kuma a ce ma ka tsallake duk wannan ka samu takardar, ranar intabiyu wanda zai zauna gabanka ba A, B, C zai ba ka ba. Zai ce to ka zaɓi ta uku, ranar da Faris ta faɗi Auto Scaling ya ƙi tayar da sabobi a Ayilan, me ya faru? Wanda ya taɓa gwadawa zai ce bari in duba Service Quotas na yankin, ƙila ba a taɓa ɗaga iyakar vCPU a can ba, ko kuma AMI ɗin a kulle yake da makullin KMS da rol ɗin ba shi da izinin amfani da shi. Mai takardar Professional da ya yi shiru a nan ya fi wanda ba shi da ita jin kunya, kuma garuruwanmu ƙanana ne, masu ɗaukar ma'aikata a wannan fannin duk sun san juna. Amana ce fa, bayanan asibiti ko albashin mutane za a damƙa maka saboda wannan takardar.

Wa ya kamata ya shiga? Wanda ya riƙe akawun fiye da ɗaya ƙarƙashin AWS Organizations, ya taɓa haɗa ofis da kilawud ta Site-to-Site VPN ko Direct Connect, ya taɓa kwashe saba ko rumbun bayanai daga ɗakin kamfani zuwa can, an taɓa tashinsa da dare abu ya lalace, ya kuma taɓa zama gaban mai gida yana bayanin me ya sa bil ɗin wata ya haura. Ba sai duka ba, amma in babu ko ɗaya lokaci bai yi ba. Kashi 26 cikin ɗari na jarabawar kan tsarin manyan ƙungiyoyi masu akawun da yawa ne, kashi 20 kan ƙaura da sabunta tsoffin manhajoji, kuma waɗannan biyun su ne lab na Associate bai taɓa nuna maka ba.

Kai kana da abin da da yawa ba su da shi, ka san rezo, kuma rezo ne ke kayar da masu rubuta manhaja a wannan jarabawar. Ka nemi mai gidanka ya bar ka ka kai ajiyar bayanan kamfani S3, ko ka ɗora ƙaramin shafinsu can, aiki na gaske ko da ƙarami ne. A naka akawun ka gina amsa ta ukun nan da hannunka, ka kashe Faris da gangan, ka riƙe agogo ka ga minti nawa ta ɗauka. Amma ka fara saita AWS Budgets, kuma ka goge komai a ranar, don Aurora da NAT Gateway kuɗi suke ci kowace awa ko kana barci. Bayan wata shida zuwa shekara ka yi gwajin hukuma da ke AWS Skill Builder, ka zauna awa uku ba tashi, in kana iya faɗin dalilin da ya sa sauran amsoshi ukun ba daidai ba ne to ka shirya.

Maganar kuɗin da ke damunka, dala 300 wajen sefa dubu 170 zuwa 185 ne gwargwadon canji, kuma in ka faɗi sai ka jira kwana 14 ka sake biya cif. Amma tunda ka ci Associate, ka shiga akawun ɗinka na satifiket ka duba wajen Benefits, akwai ragin kashi 50 da ake ba wanda ya ci, ka lura da ranar ƙarewarsa. Kafin ka zaɓi rana ka nemi ESL +30, ƙarin minti 30 ne ga wanda Turanci ba harshensa ba ne in da Turanci zai rubuta, mu da muka yi boko da Faransanci muna buƙatarsa ƙwarai, kuma sai an nema kafin a yi rajista, ba a ƙara shi daga baya. In a gida za ka rubuta ta Pearson VUE, ka sani ba a tashi daga gaban kamara har a gama, sunan da ke akawun ya zama daidai da na fasfo ko katin ɗan ƙasa, batir ya cika, ka tanadi layin intanet mai ƙarfi da ba ya dogara da kuran, ka kuma yi gwajin na'urar da suke bayarwa a ɗakin da za ka zauna kuma a irin lokacin da za ka rubuta.