Tambaya da Amsa: Taƙaita Doguwar Takardar Ƙa'idar Sa wa Hatsi Magani a Sito

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren ƙungiyar manoma a wani ƙauye da ke yankin Ringim. An ba mu takardar ƙa'idar aiki mai shafi 26 kan sa wa wake da gero ƙwayar Fostoksin, maganin kashe ƙwarin hatsi, a sito, kuma babu mai karanta ta. Shugabanmu ya ce in mayar da ita shafi ɗaya, in tara gargaɗin duka a ƙasa. Bara maigadinmu ya kwana yana amai bayan an sa magani, shi ya sa nake tsoron in yanke abin da zai ci ran wani. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Tsoron nan naka yana bisa hanya, kuma da shi za ka yi aikin. Ka ɗauki biro ka bi takardar jimla bayan jimla, kana ja wa abu uku layi: inda aka ce wani ya aikata wani abu, inda aka kawo adadi, da inda aka ambaci haɗari. Abin da bai samu layi ba, wato gabatarwa da manufa da ma'anar kalmomi da jerin manyan da suka sa hannu, ka bar shi a doguwar takardar, wadda za ta ci gaba da zama a ofis. Adadi kuwa ba a taɓa shi. Yawan ƙwaya da yawan kwana ka kwafe su yadda suke a takardar da kuma jikin gwangwanin, kada ka mayar da kwana 7 ya koma "'yan kwanaki".

Daga nan kowane aiki ɗaya ya samu lamba ɗaya, kuma kowace lamba ta fara da mai aikin. Takardun ofis sun cika cewa "a rufe ƙofa" ko "a tabbatar babu kowa", alhali a sito umarnin da ba a ɗora wa kowa ba kowa yana zaton ɗan'uwansa ya yi. Ka rubuta muƙami ba suna ba, domin mutum yana tafiya kasuwa ko ya bar aiki: mai sa magani, ma'ajin sito, maigadi, shugaba. Idan ka tarar da matakin da ka rasa wanda za ka ɗora wa, to ka gano ramin da ke aikinku, sai ku zauna ku naɗa masa mutum kafin ka ci gaba da rubutu.

Batun tara gargaɗi a ƙasan shafi kuwa, da girmamawa ga shugabanku, kada ka yarda da shi. Wannan kuskure nake tararwa kusan duk inda aka manna irin wannan takarda a bango, kuma hujjar ɗaya ce: wai shafi zai fi tsabta, wai kuma ai kowa ya san guba ce. Mai aiki ba ya karanta takarda daga sama har ƙasa sannan ya fara. Yana karanta lamba ta 4 ya yi ta, sannan ya duba ta 5. Idan gargaɗin buɗe gwangwani yana can ƙasa bayan lamba ta 12, zai isa gare shi ne bayan ya riga ya buɗe gwangwanin a ƙarƙashin hancinsa cikin rufaffen ɗaki. Saboda haka gargaɗi yana zuwa ne a saman matakin da yake karewa, da manyan baƙaƙe, kuma ya faɗi abu biyu: mene ne haɗarin, da abin da za a yi ko ba za a yi ba. "A yi hattara" ba gargaɗi ba ne, domin bai gaya wa kowa komai ba.

Sannan "kowa ya sani" ɗin nan ba gaskiya ba ne. Kowa ya san ƙwayar guba ce idan an haɗiye ta, amma kaɗan ne suka san cewa ƙwaya mai giram 3 tana sakin giram 1 na iskar fosfin da zarar ta sha laimar iska, cewa iskar tana bi ta tsagar bango da ƙarƙashin ƙofa zuwa ɗakin da ke maƙwabtaka, kuma ba ta da makari. Kaɗan ne suka san cewa ƙyallen rufe hanci da takunkumin ƙura ba sa tare ta, ko cewa ƙwayoyin na iya kamawa da wuta idan aka tara su wuri ɗaya ko ruwa ya taɓa su. Masu tallar maganin a kasuwar ƙauye, waɗanda ke ƙulla ƙwaya ɗaiɗai a leda, su ne ke koya wa mutane cewa in an daina jin warin nan mai kama da na tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi to an tsira, kuma wanda ya shaƙa a ba shi madara ko manja ya kwanta. Hanci ba ma'auni ba ne, yana sabawa da wari alhali iskar tana nan. Madara ba ta kai wa huhu. Wanda ya shaƙa yana iya samun sauƙi da yamma, ruwa ya taru masa a huhu cikin dare. Takardarka ce kaɗai za ta yi gardama da waɗannan mutane a bakin ƙofar sito, to ta yaya za ka tura muryarta ƙasan shafi?

Ga yadda sashe ɗaya zai kasance, ka gyara lambobin su dace da takardarku:

GARGAƊI: Iskar tana ratsa bango ta kashe mai barci. Ba a kwana a sito ko a ɗakin da ya haɗa bango da shi.
3. Shugaba: ya tashi maigadi da duk mai kwana kusa, da dabbobi, kafin a kawo magani.

GARGAƊI: Iska mai guba tana taruwa a gwangwani kuma tana iya kamawa da wuta. Ba a buɗe shi a ɗaki ko kusa da ruwa.
4. Mai sa magani: ya sa busasshiyar safar hannu, ya buɗe gwangwanin a fili, bakinsa na kallon nesa da fuskarsa.
5. Mai sa magani: ya baza ƙwayoyin a faranti ba tare da sun hau juna ba, ya tura ƙarƙashin tampol, mataimakinsa yana tsaye yana kallonsa.
6. Ma'ajin sito: bayan an danne gefen tampol da jakunkunan yashi, ya kulle ƙofa, ya manna alamar haɗari mai ɗauke da ranar sa magani da ranar buɗewa, ya riƙe mabuɗin.

Ka lura da lamba ta 3. A irin waɗannan dogayen takardu maganar masu kwana kusa takan maƙale a tsakiyar wani sakin layi kan zaɓen wuri, kuma ita ce ke fara faɗuwa idan ana taƙaitawa, domin ba ta yi kama da mataki ba. Ina kyautata zaton nan ne aka bar maigadinku. Abin da za a yi idan wani ya ji ciwon kai ko jiri ko amai ko nauyin ƙirji shi kaɗai zai samu akwatinsa daban a saman shafi: a fitar da shi fili, a kai shi asibiti nan take tare da sunan maganin a rubuce, kuma a faɗi wanda zai kawo abin hawa.

Matakin sake shiga sito shi ne zai ba ka wahala. Takardar za ta ce sai na'urar auna fosfin ta nuna 0.3 ppm, wato kashi 0.3 cikin miliyan na iskar sito, ko ƙasa da haka, kuma mai ɗage tampol ya sa takunkumin da aka yi domin fosfin. Waɗanda suka rubuta ta a ofis sukan raba takarda ba su raba kayan aiki ba. Idan ba ku da su, ba ka da ikon goge matakin don shafi ya yi daidai da talaucin sito. Ka bar shi, ku ɗauko ƙwararren mai sa magani da ke da kayansa, ko ku zuba waken a buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda ba ya buƙatar magani.

Idan ka gama, ka ba wanda bai taɓa ganin doguwar takardar ba ya karanta da ƙarfi a cikin sito, kowa yana kwatanta aikinsa da gwangwanin da babu komai a ciki, kuma duk inda aka tsaya ana tambaya ka gyara jimlar. Idan ta kai shafi biyu, ka gaya wa shugaba ta kai shafi biyu, ka rubuta kwanan wata a kanta, shi da mai sa magani su sa hannu.